"Sau Uku" da Ba Sau Uku Ba: Inda Lissafin Haɗari Ke Yaudarar Ɗaliban Jinya

Daga watan Disambar 1995 zuwa Mayun 1996, hukumomin lafiya sun ƙirga mutum 5,600 da amai da gudawa ya kama a jihar Kano, 340 daga cikinsu kuma suka riga mu gidan gaskiya. Shekarar ce da sanƙarau da ƙyanda suka haɗu da kwalara a lokaci guda, Asibitin Zana ya cika ya batse. A cikin wannan hali wasu masu bincike, Yvan Hutin da abokan aikinsa, suka ɗauki majinyata 102 masu kwalara da wasu mutum 77 da ba su da ita, suka tambayi kowa ruwan da ya sha da yadda yake wanke hannu kafin cin abinci. Sakamakon ya fito a mujallar Journal of Water and Health a 2003. A gaban shan ruwan 'yan garuwa an rubuta OR 3.2, a gaban wanke hannu da sabulu kuma OR 0.2.

Ɗalibar jinya da ta karanta wannan ta ce mai shan ruwan garuwa ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa da kwalara kusan sau uku, ba ta yi kuskure ba. Matsalar tana zuwa ne a shekarar ƙarshe, lokacin da ita wannan ɗaliba ta je ɗakin awon ciki a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ta tattara bayanai don kundin kammala karatunta, na'ura ta ba ta OR 3, ta sake rubuta "sau uku". Lamba iri ɗaya ce, jimla iri ɗaya ce, amma a wannan karon jimlar tana iya zama ƙarya tsagwaronta. Ya kamata makarantun jinya su koyar da wannan bambanci kafin su koyar da danna maɓallin kowace manhaja, domin alƙalami da takarda sun isa a gane shi.

Ma'aunai biyu ne ake rikitawa, kuma duk rikicin yana cikin abin da ake rabawa da shi. Na farko shi ne haɗari: a ƙirga waɗanda abin ya sama, a raba da jimillar mutanen rukunin baki ɗaya. Idan mata 100 suka zo awo, aka sami 50 da ƙarancin jini, haɗarin shi ne 50 cikin 100, wato rabi. Na biyu, wanda za a kira rinjaye a nan, yana ɗora waɗanda abin ya sama a kan waɗanda bai sama ba kawai. A wannan rukuni 50 ne a kan 50, wato 1, kunnen doki. 'Yan kallon dambe sun san wannan harshe ba tare da sun shiga aji ba. Idan aka ce ɗan dambe ya yi kisa uku an kashe shi sau ɗaya, rinjayensa uku ne a kan ɗaya, amma nasararsa uku ce cikin karawa huɗu. Uku a kan ɗaya da uku cikin huɗu labari ɗaya suke bayarwa, sai dai ɗaya yana fitowa 3, ɗayan kuma 0.75.

Idan aka raba haɗarin wani rukuni da na wani, an sami ninkin haɗari, wanda takardun bincike ke rubutawa RR. Idan rinjayen wani rukuni aka raba da na wani, an sami ninkin rinjaye, wato OR. RR ne kaɗai ke amsa tambayar da mutane ke yi a zahiri: sau nawa wannan ya fi wancan yiwuwar kamuwa?

A ɗauki misali na ƙirƙira, wanda aka zaɓi lambobinsa don sauƙin lissafi. Ɗaliba ta auna jinin mata masu juna biyu 200, ta bi ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na kafin 2024, wanda ya ɗauki himogulobin ƙasa da giram 11 a kowace desilita a matsayin ƙarancin jini ga mai ciki. Mata 100 sun ce ba sa shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, kuma 75 daga cikinsu aka samu da ƙarancin jini. Sauran 100 suna sha, amma duk da haka 50 daga cikinsu na da shi. Haɗarin marasa sha 0.75 ne, na masu sha 0.50. Rinjayen marasa sha 75 ne a kan 25, wato 3, na masu sha kuma 50 a kan 50, wato 1.

```
RR = 0.75 / 0.50 = 1.5
OR = (75/25) / (50/50) = 3
```

Mata ɗaya ne, jini ɗaya, rana ɗaya, amma wani ma'auni ya ce ɗaya da rabi, wani ya ce uku. Babu kuskuren lissafi a ko ɗaya. Kuskuren yana shigowa ne a jimlar da aka fassara lambar da ita. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona asirin wannan jimla. Idan da gaske marasa shan ƙwaya sun ninka masu sha sau uku, kuma masu sha 50 ne cikin 100, to marasa sha za su zama 150 cikin 100. Ba a taɓa samun mata 150 a cikin mata 100 ba. Matuƙar rabin rukunin da ake kwatantawa da shi na da cutar, ninkin haɗari ba zai iya wuce 2 ba, ko da kuwa kowace mace a ɗaya rukunin ta kamu. Haɗari yana da rufi, shi ne 100 cikin 100. Rinjaye ba shi da rufi: 90 cikin 100 rinjaye 9 ne, 99 cikin 100 kuma rinjaye 99.

Nan ne dalilin rabuwar yake. A lissafin haɗari, abin da ke ƙasan layi ba ya motsi, 100 ne kullum. A lissafin rinjaye kuwa, duk matar da ta kamu an cire ta daga ƙasa an mayar da ita sama, sai saman ya ƙaru, ƙasan ya ragu a lokaci guda. Idan cutar ba ta da yawa, ragin ba ya tasiri, domin cire mutum 10 daga 1,000 ya bar 990, wanda kusan 1,000 ne. Idan cutar ta game gari, cire 75 daga 100 ya bar 25 kacal, kuma raba abu da 25 maimakon 100 yana kumbura shi sau huɗu. A ɗaya rukunin, cire 50 ya bar 50, kumburin sau biyu ne. Tunda kumburin bai zo daidai a ɓangarorin biyu ba, ragowarsa, wato huɗu a raba da biyu, yana hawa kan ninkin haɗarin: 1.5 sau 2 ya ba da 3. Idan P1 shi ne haɗarin rukunin farko, P0 kuma na rukunin kwatanci, dangantakar ita ce:

```
OR = RR × (1 − P0) / (1 − P1)
```

Abin da ya fi kyau malami ya yi a kan allo shi ne ya riƙe ninkin haɗari a 1.5 bai canza shi ba, ya riƙa ƙara yawan cutar ɗalibai suna kallo. A 15 da 10 cikin 1,000, OR yana fitowa 1.51, babu wani bambanci da za a damu da shi. A 15 da 10 cikin 100 ya zama 1.59. A 30 da 20 ya kai 1.71, a 60 da 40 ya kai 2.25, a 75 da 50 ya kai 3, a 90 da 60 kuma ya yi tsalle zuwa 6. Tasirin rashin shan ƙwayar bai ƙaru da ko ɗigo ba a duk wannan tafiya. Yawan cutar ne kawai ya ƙaru. Wannan ne asalin ƙa'idar nan da littattafai ke maimaitawa, cewa idan sakamakon bai kai kashi 10 cikin 100 ba ana iya karanta OR kamar RR. Ƙa'idar yarjejeniya ce kawai, ba katanga ba, kuma idan OR ɗin babba ne yana fara kaucewa tun kafin a kai kashi 10.

Da wannan za a gane abin da ya ceci jimlar kwalara. Mutum 5,600 adadi ne mai tayar da hankali a asibiti, amma idan aka auna shi da al'ummar jihar Kano ta lokacin, kimanin mutum 86 ne cikin kowane 100,000. Bai kai ɗaya cikin 1,000 ba. A irin wannan yanayi 1 − P0 da 1 − P1 duk kusan 1 suke, saboda haka 3.2 na rinjaye ya yi kusa ƙwarai da 3.2 na haɗari. Ko da a ce ainihin waɗanda suka kamu sun ninka waɗanda aka ƙirga sau goma, har yanzu cutar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma fassarar tana nan daram. Annoba na iya cika gadajen asibiti alhali a idon lissafi abu ce da ba ta da yawa. Ƙarancin jini kuwa ba ya jawo kanun labarai, amma Binciken Al'umma da Lafiya na Najeriya na 2018 ya sami kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 da shi, da kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Abubuwan da ɗaliban jinya suka fi rubuta kundi a kansu duk irin waɗannan ne: ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro a damina, haihuwa a gida, rashin kammala rigakafi, tsumburewar yara. Wato an koya musu ma'aunin a kan cututtukan da ba su da yawa, sannan aka tura su auna abubuwan da ke kowane gida daga Ƙofar Wambai zuwa Ƙofar Na'isa.

Mai tambaya zai ce, to me ya sa ba a yi watsi da OR gaba ɗaya ba? Amsar tana cikin yadda aka tsara binciken kwalarar. Masu binciken ba su bi jama'ar gari suna jiran wa zai kamu ba. Su ne suka zaɓi masu cuta 102 da marasa ita 77, kuma da sun ga dama da sun ɗauki marasa ita 300. A irin wannan tsari ba za a iya lissafa haɗari ba sam, domin yawan masu cutar a teburin zaɓin mai bincike ne, ba halin gari ba. A koma ga matan awo a gani. Masu ƙarancin jini 125 ne, 75 marasa shan ƙwaya da 50 masu sha. Marasa ƙarancin jini 75 ne, 25 da 50. A ce mai bincike ya ninka wannan rukuni na biyu, ya zama 50 da 100. Yanzu haɗarin marasa sha zai bayyana 75 cikin 125, wato 0.6, na masu sha 50 cikin 150, wato kashi ɗaya bisa uku, sai RR ya koma 1.8 ba tare da wani abu ya canza a jikin kowa ba. OR kuwa 75 a kan 50 ne a raba da 50 a kan 100, wato 1.5 a raba da 0.5, ya sake ba da 3. Bai gusa ba.

Wannan tsayuwa ita ce darajar OR, kuma ba ƙarama ba ce. A 1951 masanin lissafi Jerome Cornfield ya nuna cewa a binciken da ya faro daga masu cuta, OR na iya tsayawa a madadin RR matuƙar cutar ba ta da yawa. Zancen shan taba da kansar huhu ake yi a lokacin, shekara guda bayan rahoton Richard Doll da Austin Bradford Hill na 1950. Sharaɗin yana cikin maganar tun daga ranar farko. Abin da ya faru daga baya shi ne aron ya zama gado, sharaɗin kuma ya faɗi a hanya.

Yana da wata daraja ta biyu. Idan aka juya tambayar matan awo, aka ƙirga masu isasshen jini maimakon masu ƙarancinsa, masu shan ƙwaya 50 ne, marasa sha 25, sai RR ya zama 2, alhali ta fuskar ƙarancin jini 1.5 ne. OR kuwa 3 ne ta kowace fuska. Masu kare OR suna kafa hujja da wannan, kuma hujjarsu tana da ƙarfi a tsakanin masana lissafi. Sai dai ma'aikaciyar jinya ba da masana lissafi take magana ba. Da mace mai ciki take magana, wadda ke son sanin ko ƙwayar da ke sa ta tashin zuciya ta cancanci wahalar, da kuma shugabar sashe da za ta yanke shawarar inda za a tura ma'aikata biyun da suka rage.

Kada kuma a ɗauka wannan tuntuɓe na ɗalibai ne kawai. A 1999 mujallar New England Journal of Medicine ta buga binciken Kevin Schulman da abokan aikinsa, inda aka nuna wa likitoci 720 a Amurka bidiyon 'yan wasa da ke kwaikwayon masu ciwon ƙirji, aka tambaye su wa za su tura gwajin jijiyoyin zuciya. OR na baƙaƙen fata idan an kwatanta da farare ya fito 0.6, manyan jaridu da gidajen talabijin kuma suka yayata cewa yiwuwar tura baƙar fata ta gaza ta farar fata da kashi 40 cikin 100. Ainihin alƙaluman su ne kashi 84.7 na baƙaƙe da kashi 90.6 na farare, wanda ya ba da RR 0.93, wato gibin kashi 7. A cikin shekarar Lisa Schwartz da Steven Woloshin da Gilbert Welch suka fito da wannan gyara a mujallar. Gibin gaskiya ne kuma ya cancanci a yi magana a kansa, amma kashi 7 da kashi 40 ba tafiyarsu ɗaya ba. Misalin yana nuna cewa kaucewar tana aiki ta ɓangarorin biyu: idan RR ya haura 1, OR ya fi shi haurawa, idan ya gaza 1, OR ya fi shi gazawa. Kullum OR ne ya fi nisa da 1, saboda haka kullum shi ne ya fi daɗin kanun labari.

Abin takaicin shi ne yawancin kundayen ɗalibai ba su da uzurin da masu binciken kwalara ke da shi. Ɗalibar da ta tsaya a ɗakin awo ta ɗauki duk matar da ta zo, ba tare da zaɓen masu cuta daban ba, tana da duk abin da take buƙata don raba 75 da 100 kai tsaye. A irin wannan bincike na lokaci guda abin da ta samu ninkin yawaitar cuta ne, tunda ba ta bi matan ta ga lokacin da suka kamu ba, amma lissafinsa ɗaya ne da na RR. Abin da ke kai ta ga OR shi ne manhaja. A SPSS, idan aka bi Binary Logistic don a daidaita tasirin shekaru da yawan haihuwa da matakin ilimi, ginshiƙin da ke ɗauke da Exp(B) OR ne, ko da ba a rubuta haka a kansa ba. Ɗaliba ta kwafe shi, mai duba kundi ya sa hannu, jimlar "sun fi yiwuwa sau uku" ta shiga babi na biyar. A cikin wannan manhaja dai, idan aka shiga Crosstabs aka zaɓi Risk, ma'aunan biyu suna fitowa tare, OR a layin farko, RR a layukan da suka fara da For cohort. Layuka biyu ne, ɗaya na masu cutar ɗaya na marasa ita, kuma ɗaukar wanda ba shi ba kuskure ne da ke faruwa sau da yawa. Maganinsa shi ne a yi lissafin da hannu tukuna, sannan a nemi lambar da ta dace da shi a allo.

Idan kuma takardar wani ce ake karantawa, OR kaɗai ya bayar, akwai dabarar da Jun Zhang da Kai Yu suka gabatar a mujallar JAMA a 1998, wadda ke buƙatar sanin haɗarin rukunin kwatanci:

```
RR = OR / [(1 − P0) + (P0 × OR)]
```

Ga matan awo, 3 ne a raba da 0.5 da 1.5 a haɗe, wato 3 a raba da 2, ya dawo da 1.5. Dabarar daidai take a teburi mai gida huɗu da ba a daidaita komai a cikinsa ba. Idan OR ɗin wanda aka daidaita ne da wasu dalilai, amsarta kusantawa ce kawai, kuma an nuna tana iya karkata. Amfaninta ga ɗaliba shi ne ta gane girman kumburin, ba ta kafa sakamakon kundinta a kai ba. Wanda ke son RR da aka daidaita yana da hanyoyin da aka tanada don haka, kamar tsarin Poisson da Guangyong Zou ya bayyana a 2004, kuma wannan aikin mai duba kundi ne ya nuna hanya, ba a bar ɗaliba da abin da manhaja ta fara miƙo mata ba.

Gyaran da ake buƙata a aji bai kai a sake manhajar karatu ba. Duk inda ɗaliba ta rubuta OR, a buƙaci ta rubuta a gefensa mutum nawa cikin 100 ne ke da abin a kowane rukuni. Idan tsarin bincikenta bai ba ta damar sanin haka ba, kamar na kwalara, ta faɗi yawan cutar a gari daga wata majiya, ta nuna ko ya halatta a karanta lambar a matsayin haɗari. Idan bai halatta ba, kalmar "yiwuwa" da kalmar "haɗari" su fita daga jimlar, a ce rinjayen ne ya ninka. Wasu malamai za su ce wannan tsanani ne a kan ɗaliban da aikinsu allura da ɗaurin rauni ne, ba ƙididdiga ba. Amma waɗannan ɗalibai su ne za su tsaya gaban benci cike da mata a safiyar awo su yi jawabin lafiya, kuma abin da suka faɗa shi zai shiga lunguna a matsayin maganar asibiti.

A gaban wannan benci ma, ko 1.5 ɗin ba shi ne ya fi amfani ba. A misalin da aka bi, abin da mace za ta iya riƙewa shi ne: cikin mata huɗu da ba sa shan ƙwayar, uku na da ƙarancin jini, cikin huɗu da ke sha kuma biyu ne. Bambancin mace ɗaya ce cikin kowace huɗu, idan har ƙwayar ce ta kawo shi ba wani abu daban da ya raba rukunan biyu ba, kamar abinci ko tazarar haihuwa. Jimlar tana kuma gaya wa ma'aikaciyar jinya abin da OR 3 ya ɓoye mata, cewa rabin masu shan ƙwayar har yanzu jininsu bai kai ba, saboda haka akwai sauran tambaya a kan zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da sikila, da kuma ko ana shan ƙwayar kullum kamar yadda aka faɗa a takardar tambayoyi.